Ciwon Ɓarin Kai Mai Zuwa da Tashin Zuciya da Gudun Haske: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu fama da ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren, suke yawan yi. Amsoshin sun shafi baligi wanda likita ya riga ya tabbatar masa cewa wannan ne ciwonsa. Adadin magungunan da aka ambata na manya ne, kuma yara da masu juna biyu suna da nasu tsarin dabam.

Ta yaya zan gane cewa ciwon ɓarin kai nake fama da shi, ba ciwon kai na gajiya ba?

Ciwon ɓarin kai yana zuwa ne zango-zango: ya taso, ya yi tsanani, ya lafa, sannan mutum ya koma garau har sai wani karon. Idan ba a sha magani ba, ko an sha bai yi aiki ba, tashi ɗaya yakan ɗauki daga awa 4 zuwa awa 72. Sau da yawa yana kama gefe ɗaya, musamman bayan ido ko gefen goshi, yana sarawa daidai da bugun zuciya, kuma motsi kaɗan kamar hawa matakala ko sunkuyawa a ruku'u yana ƙara masa ƙarfi. Abin da ya fi bambanta shi da sauran shi ne abokan tafiyarsa, wato tashin zuciya ko amai, da kuma yadda haske da ƙara suke zama azaba ga mai shi.

Ciwon kai na gajiya kuwa yakan matse kan gaba ɗaya, ba ya kawo amai, kuma mutum yana iya ci gaba da harkokinsa. Sunan ɓarin kai yakan rikita wasu, domin akwai masu yawa da ciwon yake kama musu gefe biyu, kuma hakan bai hana shi zama maigiren ba. Kimanin mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana da shi, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon suna samun gargaɗi kafin kan ya fara sarawa, abin da likitoci ke kira awura. Mutum yakan ga walƙiya ko layi mai karkace-karkace yana faɗaɗa a gabansa, ko wani ɓangare na abin da yake kallo ya ɓace, ko ya ji ƙaiƙayi kamar tafiyar kiyashi daga yatsu zuwa leɓe. Gargaɗin yana bunƙasa a hankali, yana ɗaukar minti 5 zuwa 60, sannan ya wuce gaba ɗaya.

Me ya haɗa ciwon kai da tashin zuciya, alhali ban ci wani abu marar kyau ba?

Tashin zuciyar daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. Ciwon yana tayar da wata babbar jijiya mai ɗauke da saƙon zafi daga fuska da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma saƙon yana ratsa tushen ƙwaƙwalwa, inda cibiyar da ke sarrafa amai take. A lokaci guda ciki yana rage saurin tura abin da ke cikinsa zuwa hanji.

Wannan jinkiri na ciki shi ne ya kamata mai ciwon ya riƙe, domin yawancin magungunan rage zafi a ƙaramin hanji suke shiga jini. Ƙwayar da aka haɗiya bayan tashin zuciya ya yi ƙarfi tana iya zama a ciki tsawon lokaci ba ta isa inda za ta yi aiki ba, kuma daga ƙarshe amai ya fito da ita. Mutane da yawa da suke cewa magani ba ya yi musu komai, idan aka bincika sai a tarar maganin da suka sha daidai ne, sai dai sun makara wajen shansa.

Me zan yi a awar farko idan ciwon ya taso?

A sha magani da zarar kan ya fara ciwo, tun yana da sauƙi, kuma a sha cikakken adadi a karo ɗaya. Ɗabi'ar jira a ga ko zai tafi da kansa, sannan a sha ƙwaya ɗaya, bayan awa uku a ƙara wata, ita ce take mayar da ciwon rabin yini ya zama na kwana biyu.

Magungunan da aka saba farawa da su su ne ibufurofen miligiram 400, ko asfirin miligiram 900 wanda yake daidai da ƙwaya uku masu miligiram 300, ko farasitamol miligiram 1000. A zaɓi ɗaya tsakanin ibufurofen da asfirin, kada a haɗa su, kuma kada a ɗora dikulofenak a kansu, domin dukkansu dangi ɗaya ne kuma haɗa su yana cin ciki. Irin wanda ake narkarwa a ruwa ya fi saurin shiga jini. Farasitamol shi kaɗai ya fi rauni a kan wannan ciwo, amma shi ne ya fi dacewa ga wanda ba zai iya shan sauran ba, kuma bai kamata a wuce miligiram 4000 a cikin awa 24 ba.

Ibufurofen da asfirin ba su dace da mai gyambon ciki ba, ko mai ciwon ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini, ko wanda asmarsa take tashi idan ya sha su. Ba a ba wa yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin. Mai juna biyu ta tsaya a kan farasitamol har sai ta ga likita.

Idan tashin zuciya yana cikin abin da aka saba gani, a haɗa maganin rage zafin da maganin amai tun daga farko. Metokulofuramid miligiram 10 yana aiki biyu: yana kwantar da tashin zuciya, kuma yana tura abin da ke ciki zuwa hanji, ta yadda ɗayan maganin zai samu hanya. Likita ne ya kamata ya rubuta shi, domin a wasu mutane, musamman matasa da 'yan mata, yana iya sa wuya ya murɗe, ko idanu su kafe sama, ko muƙamuƙi ya riƙe. Abin yana ba da tsoro, har wasu iyalai su ɗauka tashin iska ne, amma allura a asibiti tana warware shi cikin ɗan lokaci, kuma wanda hakan ya taɓa faruwa da shi kada ya sake shan maganin. Domferidon miligiram 10 madadinsa ne, sai dai bai dace da masu matsalar bugun zuciya ba.

Bayan shan magani, a kwanta a ɗaki mai duhu da sanyi, a ajiye waya, a ɗora tsumma mai sanyi ko ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle a goshi ko a ƙeya. Idan barci ya zo a bar shi, domin sau da yawa barci ne yake kammala kashe ciwon. Ma'aunin nasara shi ne awa biyu: idan bayan awa biyu ciwon ya tafi ko ya koma ƙanƙani, tsarin ya yi aiki.

Idan na yi amai bayan na sha maganin, in sake sha?

Ya danganta da lokacin da ya wuce. Idan aman ya biyo nan take, ko an ga ƙwayar a cikinsa, maganin bai shiga ba, kuma ana iya sake sha bayan ciki ya ɗan natsu. Idan kusan awa ɗaya ta wuce, a ɗauka ya shiga, a jira lokacin sha na gaba.

Ruwa kuma a riƙa kurɓarsa kaɗan-kaɗan, domin kofi cike a lokaci guda yakan dawo. Ruwan gishiri da sukari na leda da ake sayarwa a kemis yana mayar da abin da amai ya fitar, kuma ruwan citta mai ɗumi yana ɗan sassauta tashin zuciya ga wasu. Idan ciki ya karɓa, a fara da koko ko kunu marar kauri kafin abinci mai maiƙo. Wanda ya yi yini guda ba ya iya riƙe ko da ruwa, ko fitsarinsa ya ragu ƙwarai ya yi duhu, ya tafi asibiti, inda za a ba shi maganin ta allura ko a ƙara masa ruwa. Wanda ya san amai yake farawa da shi kullum ya nemi likita ya rubuta masa maganin da ba ta baki ake sha ba, kamar wanda ake sakawa ta dubura.

Yaya zan yi da haske? Shin zan riƙa sa baƙin tabarau kullum?

A lokacin da ciwon yake kai, a guji haske iya gwargwado: a sauke labule, a kashe fitila, kuma idan dole ne a fita rana a sa baƙin tabarau da hula mai baki. Idon lafiyarsa ƙalau. Abin da yake faruwa shi ne saƙon haske daga ido yana haɗuwa da saƙon zafi a cikin ƙwaƙwalwa, sai hasken ya ƙara wa ciwon ƙarfi.

A ranakun lafiya kuwa shawarar ta juya. Wanda ya mayar da zaman ɗaki mai duhu da sa baƙin tabarau a cikin gida ɗabi'arsa, idonsa yakan saba da duhu, sai hasken da ba ya damunsa a da ya fara damunsa. Abin da ya fi amfani shi ne gyara hasken da yake takurawa: a rage hasken allon waya da na kwamfuta, a daina duba waya a cikin duhu da dare, a canza ƙwan fitila mai ƙyaftawa, a juya teburin aiki ko keken ɗinki ta yadda rana ba za ta riƙa dukan fuska kai tsaye ba. Tabarau a bar shi domin waje, musamman da tsakar rana a lokacin bazara da kuma tuƙi a kan kwalta mai ƙyalli.

Na bi wannan tsari amma ciwon bai tafi ba. Akwai abin da ya fi waɗannan ƙarfi?

Idan an gwada tsarin da wuri kuma da cikakken adadi a tashi uku bai yi aiki ba, lokaci ya yi da za a nemi maganin da aka yi domin wannan ciwo takamaimai. Wanda aka fi sani shi ne sumatiriftan, miligiram 50 ko 100, wanda ake sha idan ciwon kan ya fara, ba a lokacin walƙiyar ido ba. Idan ya yi aiki sannan ciwon ya dawo, ana iya ƙara ɗaya bayan aƙalla awa biyu. Idan na farkon bai yi komai ba, na biyu a wannan tashin ba zai yi ba. Yana matse jijiyoyin jini, saboda haka an hana shi ga mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai hawan jinin da ba a daidaita ba. Haka kuma ba a haɗa shi da argotamin, tsohon maganin da har yanzu ake samu a wasu kemis, a cikin awa 24 guda.

Taramadol da kodin ba maganin wannan ciwo ba ne, ko da yake ana miƙa su ga mutane da yawa. Suna ƙara tashin zuciya, suna ƙara jinkirin ciki, suna sa jiki ya dogara da su, kuma suna cikin waɗanda suka fi saurin mayar da ciwon lokaci-lokaci ya zama na kullum.

Gaskiya ne maganin ciwon kai da kansa yana iya jawo ciwon kai?

Gaskiya ne, kuma a ganina wannan ce ɗabi'ar da ta fi cutar da masu ciwon ɓarin kai, domin tana zuwa ne da kamannin taimako. Iyakar da likitoci suka sa ta kwanaki ce, ba ta yawan ƙwayoyi ba. Shan farasitamol ko ibufurofen ko asfirin a kwana 15 ko fiye a wata, ko shan sumatiriftan ko argotamin ko taramadol ko kodin ko ƙwayoyin da aka haɗa da sinadarin kafeyin a kwana 10 ko fiye a wata, har sama da wata uku, yana iya haifar da ciwon kai na yawan shan magani. Alamarsa ita ce mutum ya farka da nauyin kai kusan kullum, ya sha magani ya ɗan ji sauƙi, bayan 'yan awoyi ya dawo.

Wani zai ga kamar wannan ya saɓa wa shawarar shan magani da wuri. Abin da ya haɗa su shi ne wanda ya kashe ciwo a awar farko yakan buƙaci magani na rana ɗaya, shi kuwa wanda ya makara yakan sha na kwana uku. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce kada kwanakin shan magani su wuce biyu a mako a kai a kai. Wanda ya riga ya faɗa cikin tarkon, mafita ita ce daina maganin da ya yawaita, kuma ya san cewa ciwon zai ƙaru na wasu kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kafin sauƙi ya bayyana. Taramadol da kodin ba a yanke su rana ɗaya, sai a hankali ƙarƙashin kulawar likita.

Waɗanne ɗabi'u ne suke dawo da ciwon?

Ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo ba ta son sauyi kwatsam, kuma abu ɗaya ba kasafai yake tayar da ciwon shi kaɗai ba. Lamarin kamar randa ne da ake zuba wa ruwa guga bayan guga: wanda ya sa ta tumbatsa shi ake zargi, alhali waɗanda suka gabace shi ne suka cika ta. Shi ya sa ƙamshin turaren wuta yake tayar da ciwo yau, mako mai zuwa kuma ya wuce salin-alin.

Barci ne kan gaba. Rashinsa yana tayar da ciwon, haka ma yawansa, kuma wanda yake tashi ƙarfe biyar duk mako sannan ya kai ƙarfe goma a kwance ranar Asabar yakan tashi da ciwo. Daidaita lokacin farkawa ya fi daidaita lokacin kwanciya sauƙi, saboda haka da shi ake farawa. Sai tsallake abinci, musamman karin kumallo, da ƙarancin shan ruwa a watannin zafi na Maris zuwa Mayu.

Shayi da kofi da goro da lemon kwalba mai ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin. Kaɗan a lokaci ɗaya kullum ba ya damun yawancin mutane, amma wanda ya saba da zaman shayi zagaye uku ko cin goro duk yini, idan ya rasa, ciwon kai yakan kama shi bayan awa 12 zuwa 24. Mai son ragewa ya rage a hankali cikin mako biyu.

Damuwa tana tayar da ciwon, amma sau da yawa yana jira ne sai ta sauka, wato washegarin jarrabawa ko bayan an watse daga biki. Ga mata kuma saukar sinadarin isturojin kafin jinin al'ada babban dalili ne, kuma ciwon da yake zuwa daga kwana biyu kafin jini zuwa kwana na uku yakan fi tsawo da taurin kai. Ba a iya kauce wa wannan, amma ana iya kare waɗannan kwanaki daga raba dare da zama da yunwa.

Batun abinci kuwa ana yawan wuce gona da iri a kansa. Tun kwana ɗaya ko biyu kafin kan ya fara ciwo, ƙwaƙwalwa takan fara nuna alamu: yawan hamma, ƙagewar wuya, yawan fitsari, saurin fushi, kwaɗayin zaƙi, da jin wari fiye da kima. Wanda ya ji kwaɗayin ya ci cakulan sannan ciwo ya zo zai zargi cakulan, alhali ciwon ne ya riga ya fara ya aiko da kwaɗayin. Kada a haramta wa kai wani abinci sai an ga ciwo ya biyo bayansa sau da yawa, kuma an bar shi na wata guda an ga bambanci.

Za a iya nuna yadda wannan yake a aikace?

A ɗauki misalin mace mai ɗinki, 'yar shekara 30, wadda ba ta da ciki, ba ta da gyambon ciki ko asma. Saura mako guda Sallah, ta yi ɗinki har ƙarfe ɗayan dare ranar Laraba, ta tashi da asuba, ta sha shayi kawai, kuma tana sa ran jinin al'ada ranar Juma'a. Da hantsin Alhamis tana ta hamma, wuyanta ya ƙage, da ƙarfe ɗaya na rana bayan idonta na hagu ya fara sarawa.

A yadda ta saba, za ta ci gaba da taka keke har la'asar, ta sha farasitamol ƙwaya ɗaya, ta amayar da ita bayan rabin awa, da magariba a sayo mata ƙwaya mai kafeyin, ta ƙara sha ranar Juma'a da Asabar. Ta rasa aikin kwana biyu, ta kuma tara kwana uku na shan magani. A sabon tsari, hammar da ƙagewar wuyan su ne za su sa ta ci abinci ta sha ruwa tun da hantsi. Da ƙarfe ɗaya za ta sha metokulofuramid miligiram 10 da likita ya rubuta mata tare da ibufurofen miligiram 400 da ɗan abin taɓawa, ta kwanta a duhu, sannan ta duba kanta da ƙarfe uku. Da yake ciwon lokacin al'ada yana son dawowa, ta shirya cewa tana iya buƙatar magani washegari.

Sai kuma rubutu. A kalanda ta sa alama a kowace ranar ciwo, da kowace ranar shan magani da sunansa, da ranakun al'ada, da lokacin kwanciya. A ce bayan wata biyu ta ga tashi biyar a kowane wata, biyu a kusa da al'ada, sauran ukun duk bayan daren da ta wuce ƙarfe sha biyu tana aiki, kuma ta sha ƙwaya mai kafeyin kwana 11 a wata. Turaren da take zargi bai bayyana ba sai a ranakun da ta riga ta fara hamma. Kalandar ta nuna mata abu uku: ta haura iyakar kwana 10, raba dare ne abin da za ta iya gyarawa, kuma yawan ciwon ya kai a yi maganar rigakafi. Wannan takarda ita ce abu mafi amfani da za ta kai wa likita.

Yaya mai wannan ciwo zai yi da azumin Ramadan?

Azumi yana tara yunwa da ƙishirwa da sauyin barci da yankewar shayi a lokaci guda, shi ya sa kwanakin farko suka fi wuya. A fara rage shayi da kofi da goro tun mako biyu kafin watan ya kama. A jinkirta sahur, a ci abin da yake daɗewa a ciki kamar wake ko ƙwai ko fura da nono, a rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma a samu ɗan barcin rana a lokaci ɗaya kullum. Mai shan maganin rigakafi ya tambayi likita yadda zai mayar da shi dare. Idan ciwo mai tsanani da amai ya kama mutum da rana, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen ya sha ya rama daga baya, kuma malaminsa zai yi masa bayanin yadda hakan ya shafe shi.

Yaushe ake buƙatar maganin rigakafi na kullum?

Ana duba shi idan ciwon yana cin kwana huɗu ko fiye a wata, ko yana hana aiki duk da bin tsari, ko kwanakin shan magani suna kusantar iyaka. Furofuranolol yana cikin na farko, amma bai dace da mai asma ba. Amitiriftilin ana farawa da miligiram 10 da dare, yana sa barci da bushewar baki. Tofiramet da balfuro'et suna iya cutar da ɗan tayi, saboda haka macen da za ta iya ɗaukar ciki ta faɗa wa likita kafin a rubuta mata. Duk waɗannan sai an yi wata biyu zuwa uku ana sha a kan adadin da ya dace kafin a yanke hukunci, kuma nasara ita ce kwanakin ciwo su ragu da rabi. Da yawa suna dainawa bayan mako biyu, kafin maganin ya fara aikinsa.

Macen da take ganin walƙiyar gargaɗi kada ta yi amfani da ƙwayar tazarar haihuwa mai isturojin, domin haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, balle idan tana shan taba. Akwai wasu hanyoyin tazara da ba su da wannan sinadari, kuma sun dace da ita.

Wane irin ciwon kai ne ba za a zauna da shi a gida ba?

Mai ciwon ɓarin kai ma yana iya kamuwa da wani ciwon dabam, kuma sabo yakan sa ya yi sakaci. A tafi asibiti nan take idan ciwon ya sauka kwatsam ya kai ƙololuwa cikin minti ɗaya, ko ya zo da raunin hannu ko ƙafa, karkacewar baki, sarƙewar magana, ruɗewa ko farfaɗiya, ko gargaɗin ido ya wuce awa ɗaya, ko ciwon ya biyo bayan bugu a kai.

Maigiren ba ya kawo zazzaɓi. Ciwon kai da gudun haske da amai tare da zafin jiki da sandarewar wuya alamun sanƙarau ne, wanda yake yawaita a arewacin Najeriya da kudancin Nijar a lokacin rani, kuma awoyi kaɗan suna iya raba rayuwa da mutuwa. Zazzaɓi da ciwon kai ba tare da sandarewar wuya ba yana buƙatar gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar. Mai juna biyu da cikinta ya wuce mako 20, idan ta samu ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani ko kumburin fuska, a auna mata hawan jini cikin gaggawa, domin yana iya zama gargaɗin jijjiga. Ido ɗaya da ya yi ja yana ciwo, gani ya dushe, yana buƙatar likitan ido a ranar.

Idan mutane biyu ko fiye a gida ɗaya suka kamu da ciwon kai da tashin zuciya a lokaci guda, kuma akwai janareta a kusa ko gawayi a ɗaki rufe a lokacin hunturu, a fitar da kowa waje nan take a kai su asibiti, domin gubar hayaƙin da take kisa ba ta da wari. Ciwon kai da ya fara a karon farko bayan shekara 50, ko wanda yake ƙaruwa mako bayan mako, ko wanda ya zarce awa 72 ba sauƙi, shi ma likita ya kamata ya gani ba tare da jinkiri ba.